Sof-sitata ko diraif: wanne zai tayar mana da babbar fanka ba tare da ya durƙusar da janareta ba?

Ɗan Wayarin: Assalamu alaikum, manya. A injin shinkafar da nake aiki muna da fankar da ke zuƙe hayaƙin tukunyar tururi. Motonta 110 kW ne, 400 V, an rubuta 195 A a farantinsa, da bel yake juya ta. Sita-delta ne ke tayar da ita. Idan muna kan janareta mai 500 kVA, da ta koma delta sai fitilu su dushe, wani lokacin sauran injina su faɗi. Sauran kayan suna cin kusan 300 A. Oga ya ce in zaɓa tsakanin sof-sitata da diraif, amma idonsa na kan mai araha. Me kuka gani?

Na Bakin Fanel: Wa alaikumus salam. Sof-sitata kawai, kada ka wahalar da aljihun oga. Fanka ai ba kirosha ba ce, ba ta da nauyin tashi. Ka sa mata sakan 30, ka rufe damfa kafin ka kunna, shi ke nan.

Baba Injiniya: Na Bakin Fanel, maganar damfa daidai ce, fanka irin wannan mai dodon koɗi tana samun sauƙi idan an toshe mata iska. Sai dai damfa ba ta rage nauyin ƙarfen da za a juya. Gaskiya ne a farkon tashi iska ba ta yi mata tirjiya, amma fuka-fukinta ƙaton faranti ne, kuma kafin a kai shi cikakken gudu sai an daɗe ana tura shi. Nan matsalar take.

Ɗana, ɗauki biro mu yi lissafi. Moto irin naka idan aka ba shi wuta kai tsaye yana jan ninki 6 zuwa 7, mu ce 1,270 A. Abin da sof-sitata ke yi shi ne rage ƙarfin wutar da ke isa ga moton, amma tana nan a 50 Hz. To ƙarfin juyi ba ya raguwa daidai da wutar, sau biyu yake jin ragin: ka rage ta zuwa rabi, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ka sa `Current limit` a 350%, moton zai ja kusan 680 A, ƙarfin juyinsa kuma bai kai kashi 30 cikin ɗari na wanda yake da shi a kai tsaye ba. Janaretanka kuwa iyakarsa kusan 720 A ne a 400 V, ga 300 A da tuni ke kansa. Ka ga an wuce gona da iri, kuma ba na ƙiftawar ido ba, tunda fanka mai nauyi takan kai rabin minti ko fiye tana hawa.

Za ka ce to bari in sauko da shi 250%. Na ga wanda ya yi haka. Fankar ta tashi, ta kai wajen rabin gudu, ta tsaya a nan tana gurnani, allurar amita ta ƙi saukowa, har obalod ya yanke. Iska ta fara tirjiya, ƙarfin da ya rage wa moton bai isa ya ƙara mata gudu ba. Duk wannan lokacin rota tana dahuwa a ciki.

Diraif kuwa daga ƙasa yake farawa, Hz kaɗan, yana ƙarawa a hankali, moton yana biye da shi ba ya zamewa. Shi ya sa yake ba da cikakken ƙarfi da wutar da ba ta wuce ta farantin moton da yawa ba. Ka ba shi sakan 60 ko 90, janareta ba zai ga abin da ya wuce kimanin 200 A daga fankar ba, shi ma sai can ƙarshen hawan. A kan janaretan nan, ni diraif zan saya.

Mai Sola: Ni fa ban gane ba. In dai inbata ce za ta ɗauki 110 kW, batir nawa za a jera?

Na Bakin Fanel: Diraif ma inbata ce, amma ba irin taku ba ce, ɗan'uwa, wannan babu batir. Wutar layi take karɓa ta sarrafa wa moto. Baba, na karɓi lissafin, ban lura da 300 A ɗin ba. Amma da a kan taransifoma mai girma suke kullum, har yanzu ina kan bakana. Sof-sitata da ta gama tayarwa sai kwantaktar baifas ta karɓi aiki, ita ta huta, babu zafi babu hayaniya. A ɗauki wadda ta ɗara moton da mataki ɗaya, a mai da obalod `Class 30` maimakon `Class 10`, za ta yi shekaru.

Baba Injiniya: Wannan ban musa ba.

Mai Riwayin: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma bari in faɗi abin da na gani da idona. A wani injin da na yi wa aiki an sa diraif a ɗakin da ƙaiƙayi ke shiga. Kafin a fita daga watan Afrilu, kullum da azahar sai ya yanke saboda zafi. Da muka buɗe, ƙura ta like ƙarfen sanyaya shi kamar an shimfiɗa bargo, ƙaramar fankarsa ta ciki ma ta daina juyi. Diraif yana aiki ne muddin moto na aiki, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na wutar yana zama zafi a jikinsa, wato naka zai riƙa fitar da kusan 3 kW a cikin fanel. Galibinsu kuma da ɗaki ya wuce digiri 40 sai an rage musu kaya. In ba za ku ba shi ɗaki mai tsafta ba, kuɗinku za ku ƙona. Kuma idan ya mutu ba ni zan gyara ba, sai an jira sabon katin lantarkin da ke cikinsa.

Ɗan Wayarin: Na gode ƙwarai. Ɗakin fanel ɗinmu a rufe yake, akwai iyakwandishan. Baba, damfar ma kusan kullum a rabi take, mai kula da tukunya ne ke murɗa ta da hannu.

Baba Injiniya: Ai da wannan ya kamata ka fara! Kuna biyan kuɗin gas fanka ta yi cikakken gudu, sannan ku shaƙe mata wuya. Da diraif sai a buɗe damfar gaba ɗaya a rage gudu. A lissafin takarda, fanka a kashi 80 na gudunta tana cin kusan rabin wuta ne, domin 0.8 × 0.8 × 0.8 ya ba da 0.51. A zahiri ba lallai ku samu duka ba, tunda yanzu ma damfar tana rage wani abu. Ka sa amita kwana uku ka rubuta abin da take ja, da shi za ka je wa oga.

In kun saya, ku sa riyakto na kashi 3 a gabansa, saboda diraif yana ɓata siffar wuta, wani janaretan kuma AVR ɗinsa, mai daidaita masa ƙarfin wuta, ba ya jurewa. Idan akwai kafasito a jikin moton, a cire shi, ba ya zama a bayan diraif. Wajen kashewa ka zaɓi `Coast to stop`, in ba haka ba fankar za ta mayar masa da wuta ya yanke da `Overvoltage`. Ka kuma kunna `Flying start`, domin iskar bututun hayaƙi takan bar ta tana juyi ko an kashe.

Mai Riwayin: Moton tsoho ne? An taɓa yi masa riwayin? Wanda aka naɗa da waya da banis marasa kyau ba ya daɗewa a kan diraif, musamman idan kebul ɗin dogo ne.

Ɗan Wayarin: An taɓa, sau ɗaya, kafin zuwana. Kebul ɗin kuma zai kai mita 70. Gobe in sha Allahu zan sa masa mega, in gwada ko rufin wayarsa na yoyon wuta, in kawo muku abin da ya nuna.