Shawarwari a zaure: mai kalangu ya ƙi jituwa da kilik a lokacin ɗaukar sauti

Ɗan Gusau: Assalamu alaikum, manyanmu na wannan zaure. Ina neman shawara a kan wata waƙar biki da nake ɗauka da manhajar Cubase, wadda mai waƙar ya dage cewa kalangu na gaske yake so, ba wanda ake haɗawa a kwamfuta ba. Na sa mai kalangun ya kaɗa, na bi dukan ƙafarsa da Tap Tempo, sai manhajar ta ba ni 84. Da yake kiɗan mai tafiya uku-uku ne, sai na sa ma'aunin a 6/8, na bar saurin a 84, na kunna masa kilik a kunne, wato ƙarar da manhaja ke bugawa don riƙe saurin kiɗa. Tun daga nan aiki ya cije. Idan ya bi kilik ɗin, sai kiɗan ya yi nauyi har mai waƙar ya ce ba waƙarsa ba ce, idan kuma ya koma saurinsa na asali, sai bugun kilik mai ƙarfi ya riƙa faɗowa a wurare dabam-dabam cikin kiɗan. Mutumin dattijo ne da ya daɗe a sana'ar, kuma ba na son in sa shi jin cewa ana gwada shi.

Na Jega: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ina kyautata zaton jinkirin sauti ne yake damun ku. Ka duba Buffer Size na katin sautinka, domin idan yana kan 1024 kuma kana ɗauka a 44100, jinkirin ya kai wajen milisakan 23 ta hanya ɗaya kawai, kafin a lissafa dawowar sautin zuwa kunnensa. Makaɗin da yake jin dukansa yana iso masa a makare ba zai taɓa zama daram ba. Ka sauke shi zuwa 128, ko ka kunna Direct Monitoring, kuma idan hedifon ɗin marar waya ne ka ajiye shi ka nemi mai waya.

Malam na Birnin Kebbi: Abin da Na Jega ya faɗa gaskiya ne kuma ya kamata a gyara shi, amma ba shi ne ciwon da aka kawo ba, kuma akwai hanyar bambancewa. Jinkirin sauti yana sa dukan makaɗi ya sauka a bayan layin manhaja da tazara iri ɗaya daga farkon waƙa har ƙarshenta. Shi kuwa ƙanenmu ya ce bugu mai ƙarfi yana yawo ne, yanzu a nan, an jima a can, wanda ke nuna cewa makaɗin da manhajar ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba.

Ga yadda lamarin yake. A Cubase, lambar saurin da ka rubuta tana ƙirga bugun 1/4 ne a minti ɗaya, ko da ka sauya ma'auni zuwa 6/8, kuma bugun 1/4 yana ɗauke da ƙananan bugu biyu ne na 1/8. Ƙafar dattijon kuwa tana sauka ne sau ɗaya a kan kowane ƙananan bugu uku. Saboda haka, lokacin da ka bi ƙafarsa ka sami 84, hannunsa yana tafiya a kan ƙananan bugu 252 a minti, wato 84 sau uku, amma da ka rubuta 84 a ƙarƙashin 6/8, sai manhajar ta ba shi ƙananan bugu 168 kawai, wato 84 sau biyu. Idan ya yi biyayya ya ɗauki kowane kilik uku a matsayin taku ɗaya, saurinsa ya faɗo zuwa 56, wanda shi ne nauyin da mai waƙar ya ji. Idan kuma ya tsaya a kan 84 ɗinsa, sai ya zama yana raba taku uku yayin da kilik ke raba shi biyu, kuma bugu mai ƙarfi yana zuwa masa bayan kowane taku uku, alhali zagayen kiɗansa taku biyu ne ko huɗu. Babu makaɗin da zai zauna lafiya a kan haka, komai gwanintarsa.

Maganin hanya biyu ne, kuma sakamakonsu ɗaya:

```
6/8 : 84 x 1.5 = 126
4/4 : 84, grid 1/8T
```

A duk wadda ka ɗauka, taku ɗaya zai ci kimanin milisakan 714, ƙaramin bugu kuma 238. Ni dai na fi son ta biyu idan daga baya za a ɗora fiyano da sauran kayan kwamfuta, saboda lambar da ke kan allo ita ce wadda ƙafar kowa ke takawa, kuma duk wanda aka miƙa wa aikin ba zai ruɗe ba.

Ɗan Gusau: Malam, Allah ya ƙara basira. Na gwada 126 ni kaɗai da tafin hannu kuma ya zauna daidai da yadda dattijon yake kaɗawa. Sai dai yanzu kilik ɗin ya yi yawa ƙwarai, guda shida a kowane zagaye, har ni ma yana takura mini.

Malam na Birnin Kebbi: Ai ba a ba makaɗi duka shidan. Ka bar masa na ɗaya da na huɗu kawai, wato inda ƙafarsa ke sauka, ka bar tsakiyar a buɗe, domin a tsakiyar ne mai kalangu yake matsa tsarkiya ya ja murya, kuma ƙananan bugunsa ba daidai wa daida suke ba kamar na inji. Idan Cubase ɗinka na baya-bayan nan ne, akwai wurin tsara salon kilik a cikin Metronome Setup. Idan tsoho ne, ka kashe na manhajar gaba ɗaya, ka buɗe layin MIDI ka jera bugun da hannunka, ka maimaita shi har ƙarshen waƙar. Hakan ma ya fi, domin za ka iya yanke shi daidai kan dukan ƙarshe, don kada ya shiga cikin amon da kalangu ke bari idan an tsaya. Ka kuma ba shi zagaye biyu na shiri kafin ya shiga, ɗaya ba ya isar wanda bai saba ba.

'Yar Zuru: Ni a FL Studio nake aiki, kuma ban ga abin wahala a nan ba. Me zai hana ka ɗauki zagaye huɗu masu kyau daga wurinsa, ka yanka, ka daidaita su a kan layi, ka yi ta maimaitawa? Haka nake yi da ganga kuma masu waƙa ba su taɓa ƙorafi ba.

Baba na Talata Mafara: 'Yata, wannan dabara tana yi a inda ganga ke riƙe ƙasa kawai, amma mai waƙar nan kalangu ya nema, shi kuwa kalangu magana yake yi. Idan mawaƙi ya ambaci uwar amarya, akwai amsar da makaɗi zai ba shi, idan ya koma kan ango amsar dabam ce, kuma zagaye huɗu da aka yanka ba za su san wanda aka ambata ba.

Ni makaɗi ne kafin in zauna gaban kwamfuta, don haka bari in faɗa wa yaron nan abin da lissafi ba zai ba shi ba. Mai babban kalangu bai saba bin ƙarar ƙarfe ba, ɗan karɓi yake bi, wanda ke riƙe masa hanya shi kuma yana fita yana dawowa. To ka ba shi abin da ya saba da shi. Ka fara ɗaukar mai ɗan karɓi shi kaɗai a kan kilik, kuma yawanci matashi ne wanda kunnensa ya riga ya saba da kiɗan kwamfuta. Idan wannan ya zauna, sai ka sa wa dattijon ɗan karɓin da muryar gwaji ta mawaƙin a kunne, ka rage kilik ɗin ƙasa sosai ko ka cire shi. Za ka ga yana jinkirta wani dukan da gangan sannan ya cim ma takun gaba, kuma kada ka kuskura ka gyara wannan, domin a nan daɗin yake.

Na Jega: Baba ya kawo magana. Abin da zan ƙara shi ne a kula da yoyon kilik cikin makirufo, tun da kalangu a hammata yake, makirufon kuma ba shi da nisa da kan makaɗin. Dattawa da yawa suna zame hedifon daga kunne ɗaya don su ji fatar da kansu, sai ɓangaren da aka zame ya riƙa zuba kilik kai tsaye cikin ɗakin. A tura sautin duka zuwa kunnen da ke rufe, a yi amfani da hedifon mai rufaffen baya, kuma a maye gurbin ƙarar mai tsini da sautin caki. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a ɗauki sakan goma makaɗin yana zaune bai taɓa komai ba, a ɗaga sautin sosai a saurara.

Ɗan Gusau: Mun zauna da su, na bi tsarin Baba a kan 4/4 da 84, kuma baitocin sun fita lafiya. Saura abu ɗaya: duk lokacin da aka shiga amshi, su biyun suna yin gaba da kilik, kuma ba kuskure ba ne domin a kowane amshi haka suke yi. Idan aka dawo baiti sai su lafa.

Malam na Birnin Kebbi: Wannan kuma waƙar ce take neman haka, kuma manhaja tana iya bin su. Ka buɗe Tempo Track, ka ɗaga saurin daga 84 zuwa 86 a hankali cikin zagaye biyu na ƙarshen baiti, ka riƙe shi har amshi ya ƙare, sannan ka sauko. Bambancin biyu a minti kunne ba ya kama shi a matsayin sauyi, amma a amshi mai rabin minti ya kai taku ɗaya cur, wanda ya isa ya raba makaɗi da layi. Ka tsara wannan kafin ka sake ɗauka. Idan ka taɓa saurin bayan an ɗauka, sautukan da ke kan Musical Mode za su miƙe ko su tsuke, waɗanda ba sa kai kuma za su bar layinsu.

Baba na Talata Mafara: Malam, a nan kam mun ɗan saɓa. Idan ka rubuta 86 ka sake ɗaure su ne da wata igiyar, alhali amshi na uku ba ya tafiya kamar na farko, jini ya riga ya hau. Ni da zan kashe kilik ɗin ne, su kaɗa tare da mawaƙin yadda suka saba, daga baya a zauna a jawo layukan manhajar su hau kan dukansu da Time Warp.

Malam na Birnin Kebbi: Baba, hakan yana yiwuwa kuma ya fi rai, ban musa ba. Sai dai aikin yini ne a waƙa mai tsawo, kuma daga nan ba za a iya ɗauko amshi mai kyau daga ɗauka ta biyu a liƙa a ta farko ba, tun da saurinsu ba ɗaya ba ne. Ɗan Gusau, kayan kwamfuta nawa za a ɗora a kai?

Ɗan Gusau: Fiyano ne da bes kawai, Malam, kuma da hannu za a kaɗa su. Mai waƙar yana son aikin kafin Juma'a, don haka zan ɗauki ɗaya da tsarinka, in ɗauki ɗaya babu kilik kamar yadda Baba ya ce, in turo muku amshi na uku na kowanne ku saurara.