Don Allah a duba min, kwamfutar gidan wasana na sarƙewa

Ɗan Autan Hajiya: Salamu alaikum. Ina da ɗan gidan wasan kwamfuta a wani ƙauye kusa da Ringim, da sola nake aiki. Yayana ne ya haɗo min kwamfutar daga Kano bayan na sayar da ragunan da na yi kiwo, har Hajiya ta yi fushi, ta ce gara na sayi babur. Tana da i5-10400 da kati GTX 1650. Hoto na fitowa, amma ƙwallo na sarƙewa, yara sun koma wurin maƙwabcina. A kwalin monita an rubuta 144Hz, ni 60 kawai nake gani. HDMI zan canza ko DisplayPort zan saya?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ba ka faɗi inda ka soka wayar ba, amma na san amsar. Leƙa bayan akwatin. Ramukan sama, kusa da na USB, na madabod ne. Na katin suna ƙasa, a kwance. Idan a sama ka soka, ƙaramin girafik na cikin i5 ɗin ne ke ba monita hoto. Da mai F a ƙarshe ne, kamar 10400F, ko hoton ma ba za ka gani ba, sai No Signal. Kashe ta, ka mayar da wayar ƙasa.

Ɗan Autan Hajiya: A sama take, Injiniya. Amma na ƙasan an toshe su da baƙar roba, kuma Yaya ya ce kar na taɓa komai. Shi ya soka ta da hannunsa.

Injiniya: Robar ta ƙura ce kawai, cire ɗaya.

Baban Ummi: Ni sola nake zargi. Inbata ta taɓa ƙona min kati, mai shagon ya ƙi karɓa, har yau ban huce ba.

Sani Mai Hoto: Ba lallai katin na zaman banza ba, Windows kan tura masa aikin ko da wayar na sama. Buɗe Task Manager, Performance, ka ga wane GPU ke motsi lokacin wasa. Waya kuwa duk ɗaya ce, kar ka ɓata kuɗinka.

Injiniya: Ba ɗaya ba ce, Malam Sani. Monitoci da yawa ba sa ba da 144 sai ta DisplayPort, ramin HDMI ɗinsu na tsayawa a 60 ko 120. Ƙanina, duba ko naka na da ramin mai kusurwa ɗaya a yanke. In akwai, sayi mai DisplayPort kai biyu, sannan ka shiga Advanced display ka zaɓi 144 da kanka. Wajen cirewa danna maɓallin kanta, tana da ƙugiya.

Ɗan Autan Hajiya: Kuɗin motar Kano ya fi kuɗin wayar. Bari dai Yaya ya zo ranar Juma'a.

Baban Ummi: Inbatarka wat nawa ce?