Don Allah a taya ni duba wannan lissafin kaso cikin ɗari daga jadawali

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin jarrabawar neman aiki, sai ga wata tambaya ta maƙale min tun daren jiya, wallahi har yanzu ban gane ba.

Hoton sanduna ne na buhunan masara da wani shago ya sayar, ana tambayar da kaso nawa cikin ɗari adadin ya ƙaru daga 2021 zuwa 2022, layukan gefe suna tafiya 0, 200, 400, 600, kuma a saman hoton an rubuta ƙanana cewa adadin a dubbai yake. Sandar 2021 ta tsaya daidai kan 400, ta 2022 kuma ta tsaya tsakanin 400 da 600 amma ba a tsakiya cif ba, ta ɗan haura. Ni na karanta ta 500, na cire 400 saura 100, na raba da 400 ya ba ni kaso 25 cikin ɗari. Amsar da ke bayan takardar kuma 30 ce, wato su 520 suka karanta kenan.

Da na sake dubawa da kyau sai na ga akwai ƙananan layuka huɗu tsakanin 400 da 600, da farko na ɗauka kowanne 50 ne, amma layi huɗu ai gida biyar yake bayarwa, kowane gida 40, to layi na uku shi ne 520. Haka ne ko dai na lanƙwasa lissafin ne don ya dace da amsarsu?

Kuma dubban nan, tunda rabawa zan yi, dole sai na ƙara sifili uku ko a bar su? Sannan in babu ƙananan layukan kwata-kwata yaya kuke kimantawa a ɗakin jarrabawa, ga lokaci na gudu?