Yaya zan rubuta musu wasiƙar neman wani abu daga albashi?

Assalamu alaikum. Ni ce sakatariya a wata makaranta mai zaman kanta a Zariya. Mai makarantar ya hana malamai su riƙa tare shi a bakin ofis suna neman a ba su wani abu kafin ƙarshen wata, ya ce kowa ya rubuto. Yanzu kowa sai ya turo mini saƙo a waya in mayar masa da shi wasiƙa.

Jiya wani malami ya turo: "Hajiya, a taimaka a gaya wa oga, gida ba komai, ko 20,000 ne." Na rubuta "Ranka ya daɗe, ina roƙon a ba ni naira 20,000 daga albashina na wannan wata, a cire idan an biya." Mai makaranta ya dawo da ita, wai babu dalili. Na sa maganar rashin abinci, malamin kuma ya ce na tona masa asiri, kuma gaskiyarsa ce, takardar fayil za ta shiga.

Shin "wata lalurar iyali" ta isa dalili? Kuma idan yana so a cire kashi biyu, 10,000 kowane wata, a wasiƙar zan sa, ko sai mai makaranta ya amince tukuna?