Na goge a laptop, ya ɓace a wayar shugaban makaranta: wani ne ya shiga asusunmu?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Laptop ɗin ofishin makarantarmu ya cika, sai na goge folda ta sakamakon zangon da ya wuce, tunda na san tana cikin Google Drive. Yau shugaban makaranta ya duba a wayarsa babu, ni ma a tawa babu. Ya ce gogewa a laptop ba ta taɓa waya, wai wani ne ya shiga asusunmu. Haka ne? Kuma za a iya dawo da ita?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ina tare da shugabanku. Ai amfanin Drive ke nan, a ajiye abu a can don ko na'ura ta lalace yana nan. In gogewa a laptop tana share na can, to ajiyar me aka yi? Ku canza kalmar sirri yau ɗin nan.

Injiniya Bilkisu: Malam, a gafarce ni, ba na jin kowa ya shiga. Maman Hanifa, kafin komai kada kowa ya taɓa Empty trash a asusun, wato maɓallin da ke share kwandon sharar Drive gaba ɗaya. Sannan ki faɗa mini abu biyu: yaushe kika goge, kuma daga ina? Daga cikin `G:` da ke fitowa a This PC, ko daga Downloads?

Maman Hanifa: Ranar Alhamis ɗin makon jiya ne, Anti. Daga `G:` ɗin, cikin My Drive.

Injiniya Bilkisu: To alhamdu lillahi, da sauran lokaci sosai. Wannan `G:` ba wani ɓangare ba ne na faifan laptop ɗinku. Manhajar Drive for desktop ce take nuna miki abin da ke cikin asusun kamar yana kan kwamfutar. Duk abin da kika yi a nan, manhajar tana kai rahoto ga sabar Google, sabar kuma ta sanar da duk na'urar da ke kan asusun. Ki tuna lokacin da kike gyara makin ɗalibi a ofis, shugaba ya buɗe a wayarsa ya ga sabon makin ba tare da kin tura masa komai ba. Hanyar da ta kai gyaran ita ce ta kai gogewar. A wurin manhajar, sauya suna, gyara lamba da gogewa duk canji ne da mai asusu ya yi, kuma aikinta ta sa ko'ina ya zama iri ɗaya.

Abba Farm Centre: Wallahi kullum sai an zo shago da wannan. Ni yadda nake gaya wa kwastoma, kamar kuɗin banki ne. Ka cire a POS, ka duba a waya ka ga sun ragu, ba za ka ce ai a POS kaɗai na cire ba. Asusun ɗaya ne.

Malam Sani: Ban gamsu ba. Ni da hannuna na goge takardu a wayata ba sau ɗaya ba, kuma ina hawa Drive in same su.

Injiniya Bilkisu: Na yarda ya faru, Malam, amma a ina ka goge? In ka danna Download a kan takarda, wayar tana yin kwafi na biyu ta ajiye a Downloads. Wannan kwafin ya rabu da asusun, ka goge shi ko ka gyara shi, Drive bai san an yi ba. Amma ka buɗe manhajar Drive ɗin kanta, ka danna ɗigo ukun da ke gefen takarda ka tura ta shara, sannan ka duba a kwamfuta. Ka gwada da takardar da ba ka buƙata. Shi ya sa na fara da tambayarta daga ina ta goge.

Kawu Ado: Ni ma jikana ya goge mini saƙo a WhatsApp ya ce ya goge wa kowa da kowa. Shi ma a kwandon sharar zan same shi?

Abba Farm Centre: A'a Kawu, wannan daban ne, WhatsApp ba shi da kwandon shara na saƙonni. Ka sa wanda ya turo ya sake turowa.

Injiniya Bilkisu: Maman Hanifa, ga yadda za ki yi, kuma ya fi sauƙi a laptop. Ki buɗe burauza ki shiga `drive.google.com` da asusun makarantar. A jerin da ke hagu za ki ga Trash, a wasu na'urorin Bin ake rubutawa. Ki shiga, ki nemo foldar, ki danna mata maɓallin dama na linzami, ki zaɓi Restore. Kusa da shi akwai Delete forever, ki kula hannu kada ya zame, don wannan ba ya komawa. Foldar gaba ɗaya za ki dawo da ita, ba sai kin bi takardun ɗaya bayan ɗaya ba, kuma inda take a da nan za ta koma. In a waya ne, layuka ukun nan na sama ta hagu, sai Trash, sai ɗigo uku a gefen foldar, sai Restore. Kada ki ɓata lokaci a Recycle Bin na Windows, na cikin Drive shi ne abin dubawa.

Maman Hanifa: Anti, laptop ɗin yana ofis, sai na duba a wayata. Trash ɗin babu komai. Gabana faɗuwa yake.

Malam Sani: Kun gani ko? Wanda ya shiga ya share har kwandon.

Abba Farm Centre: Dakata Malam. Hajiya, duba sama ta dama, ɗan da'irar nan mai hoto ko harafi. Taɓa shi ki ga wane imel ne a sama. Na rantse naki na kanki ne.

Maman Hanifa: Ikon Allah. Nawa ne. Na koma na makarantar, ga foldar nan a Trash, har da ranar da aka tura ta, Alhamis ɗin. Na danna Restore. Shugaba ya ce ta fito a wayarsa, azuzuwa shida duk suna ciki.

Injiniya Bilkisu: Masha Allah. Kowane asusu da kwandonsa, kuma abu yana zuwa kwandon mai shi ne. Ki buɗe takarda biyu ko uku ki tabbatar makin suna nan. Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne wa'adin: Drive yana ajiye abin da aka tura shara kwana 30, daga nan ya share shi da kansa. A da yana zama har sai mutum ya share, a watan Oktoba na 2020 aka sa wannan wa'adin, shi ya sa wasu har yanzu suke ɗauka kwandon ma'ajiya ce. Lissafin daga ranar gogewa yake farawa, ba daga ranar da aka lura ba. Sakamakon zango kuwa abu ne da ake iya wata biyu ba a nema ba. Da sai ƙarshen wannan zangon shugaba ya duba, da wani zancen muke yi.

Zainabu: Abin da ya same ni ke nan da hotunan bikin ƙanwata. iPhone ɗina ta cika na goge su, ina ganin suna kan iPad ɗin gida. Da na je nema bayan wata biyu, babu a ko'ina. Recently Deleted, kwandon sharar hotunan iPhone, shi ma kwana 30 ne. Akwai dabara?

Abba Farm Centre: Gaskiya Anti, in sun bar Recently Deleted, ni ba na karɓar kuɗin mutum in ce zan dawo da su. Ki nemi wanda kika taɓa tura wa. Amma ga dabara ga na gaba: da zarar mutum ya gane ya yi gogewar da bai so ba, ya kashe data da Wi-Fi a ɗaya na'urar. Saƙon gogewar bai isa ba, kayan suna nan.

Injiniya Bilkisu: Abba, dabarar tana aiki amma ba ko'ina ba. Sai in na'urar tana riƙe da cikakken kwafi. A Drive for desktop akwai zaɓi biyu, Stream files da Mirror files. Mai Mirror yana da kwafin komai a faifansa, don haka in yana kashe lokacin da aka yi gogewar, a kunna shi ba intanet, a kwashe foldar zuwa filashi, sannan a haɗa shi. Mai Stream kuwa yawanci sunayen kawai yake nunawa, sai an buɗe takarda yake saukowa da ita. Manhajar waya ma haka, sai abin da aka sa wa Make available offline. Ka kashe data a irin wannan, sunaye za ka tarar ba takardu ba. Kuma in abu yana kwando, Restore ya fi wannan wahalar sauƙi.

Wannan ya kawo ni kan asalin matsalarki, Maman Hanifa. Tunda a `G:` kike ganin My Drive da takardun a ciki, alama ce Stream kuke kai, wato foldar ba ita ta cika laptop ɗin ba, kuma goge ta bai ba ki wurin kirki ba. Ki duba Downloads da bidiyoyin da ke `C:`. In kuma asusun ne ya cika, wato 15 GB ɗin kyauta da Drive da Gmail da Google Photos suke rabawa, turawa shara ma ba ta rage komai, don abin da ke kwando ana lissafa shi har sai an share shi gaba ɗaya.

Malam Sani: To na janye maganar kutse. Amma maganata ta farko tana nan. Ga shi an goge, an dawo da shi. In wannan ba ajiyar tsaro ba ce, mece ce?

Injiniya Bilkisu: Drive yana tsare ka daga satar laptop ko lalacewar faifai, wannan ban musa ba. Amma kuskuren hannu yana bin sa ya isa ko'ina cikin daƙiƙoƙi, kuma kwana 30 kaɗai yake ba ka ka farga. Takardun da za a nema bayan shekara uku, kamar sakamakon ɗalibai, ina ganin duk ƙarshen zango a sauke foldar a zuba a faifan waje, a cire shi a sa a durowa.

Malam Sani: Filashi nawa suka mutu a hannuna, wasu kuma ƙwayar cuta ta cinye. Na fi amincewa da Drive sau goma.

Abba Farm Centre: Nan kam Malam yana da gaskiya, filashin bogi ya cika kasuwa. A rubuce 64 GB, ka zuba kaya su lalace.

Injiniya Bilkisu: Ban ce a bar Drive a koma filashi ba, duka biyun nake nufi. Kuma abin da ya fi damuna a makarantarku shi ne kowa da kalmar sirri ɗaya yake shiga. Ko kin buɗe Activity don ganin wanda ya goge abu, sunan asusun makarantar za ki gani, ba za ki san hannun wa ba ne. Gara malamai su shiga da nasu imel ɗin, a yi musu Share a matsayin Viewer, wato su gani kawai, masu shigar da maki kaɗai a ba su Editor, wato damar gyarawa.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan kai wa shugaba maganar, sai dai malamanmu biyu ba su da imel, kuma ya riga ya ce ba ya son a yawaita asusu.

Malam Sani: Ni ma da ni ne shugaban ba zan yarda ba. Asusu goma, kalmar sirri goma, rabinsu za su manta kafin hutu.