Mun buɗe tashar karatun Malam, amma kowane bidiyo kamar daga gida daban ya fito

Abdulhadi, Tudun Jukun: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan muna ɗora karatun fikihu da Malaminmu ke yi tsakanin magariba da isha'i a YouTube, bidiyo 11 zuwa yanzu. Mu uku ne ke gyarawa a waya, kowa da irin rubutunsa da launinsa. Gabatarwar farko ta kai daƙiƙa 40. Sunan tashar ma sau biyu muka canza. Ta ina za mu fara daidaitawa?

Hajiya Bilkisu, Samaru: Wa alaikumus salam. Abdulhadi, na je na duba tashar taku kafin in yi magana. Ku bar zancen launi tukuna, matsalarku ta farko harafi ce. A hoton darasi na 6 an so a rubuta "Wanke ƙafa a alwala", amma ƙ ɗin ta fito siririya a tsakiyar manyan haruffa masu kauri, kamar an aro ta daga maƙwabta. A na 9 kuma ɗan akwati ne ya fito a gurbinta. Dalilin shi ne salon rubutun da kuka zaɓa ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, sai manhajar ta cike gurbin da wani salo daban, in ba ta samu ba ta sa akwati. Yawancin salon ƙawa da ke cikin manhajojin waya haka suke, ba don Hausa aka zana su ba.

Kafin ku amince da kowane salo, ku rubuta wannan layin da shi, ku ƙara girmansa, ku duba harafi bayan harafi:

```
Ƙarya tana karya azumi? Ɗan'uwa, Ɓoye, ɓata, ɗaki, ƙafa
```

In kauri da tsayin Ƙ da Ɗ da Ɓ sun yi daidai da sauran, ya ci jarrabawa. Manyan haruffan ne suka fi faɗuwa, shi ya sa na sa su. Noto Sans yana da su duka, Andika ma haka, kuma kyauta ne. Ku ɗauki ɗaya, mai kauri don take, marar kauri don sunan Malam da lambar darasi, shi ke nan. Na Larabci kuwa Amiri ya isa. Sai dai duk ayar da kuka sa a allo, a nuna wa Malam kafin a ɗora, don wasu manhajojin kan wargaza haruffan Larabci su jera su daga hagu, wanda ya gyara kuma idonsa ya riga ya saba, ba zai lura ba.

Sani Mai Kwamfuta: Hajiya, ai wannan wahalar da kai ne. Ku rubuta k da d da b kawai, kowa zai gane. Mutane ma haka suke nema a waya.

Hajiya Bilkisu: Rabin maganarka gaskiya ce, Sani. A sunan tasha na yarda, gara a zaɓi sunan da babu mai lanƙwasa a ciki kwata-kwata, don dattijon da aka gaya wa sunan a bakin masallaci ya iya bugawa ba tare da ya canza madannai ba. Amma a kan hoton darasi, cire lanƙwasar daga layin can na sama ka karanta: "Karya tana karya azumi?" Wannan a tashar malami?

Malam Nuhu, Ƙofar Doka: Ɗana Abdulhadi, a kan suna zan tsaya. Kada ku sa sunan Malam da laƙabobinsa duka a matsayin sunan tasha. Ash-Sheikh, Dakta, Hafizahullah, kafin a kai ga sunan waya ta yanke shi. Kalma biyu ko uku ta wadatar, kuma ku tsayar da rubutu ɗaya: in Zariya ce Zariya, in Zaria ce Zaria, in fikihu ne kada gobe ya koma fiqhu. Ku rubuta wannan a takarda ku ukun ku sa hannu. Ni na fi son a sa wa tashar sunan zauren ko makarantar, domin ranar da Malam ya yi tafiya Umara wani almajirinsa ya zauna a buzun, tashar ba ta yi ƙarya ba.

Taken kowane bidiyo kuma ya bi tsari ɗaya, mas'alar a gaba, don ita mutum ke nema:

```
Abin da ke warware alwala | Fikihu 07 | Malam Wane
```

A naku na ga an fara da "Karatun ranar Talata kashi na…" sai ɗigo uku. Wa zai nemi Talata bayan shekara?

Abdulhadi: Allah ya saka, Baba. Sai dai Malam ake sani a unguwa, zauren ba shi da suna ma. Ina tsoron in muka cire sunansa ba za a same mu ba.

Malam Nuhu: Sunansa na nan a ƙarshen kowane take, mai nema zai same shi. Amma ku tambaye shi, haƙƙinsa ne.

Ummu Hanan: Ni in dai banar ratayawa ce kuke so, akwai masu bugawa a Sabon Gari, mita biyu a rana ɗaya suke gamawa.

Jamilu, Kongo: Anti, ta cikin waya ake nufi, amma a rataya ɗaya a bayan Malam mai launin tashar ba laifi ba ne. Abdulhadi, gabatarwa ce ta taɓa cin mu. Tamu daƙiƙa 30 ce, tambari na juyawa, ga nashida a ƙasa. Da na buɗe YouTube Studio na duba layin da ke nuna inda masu kallo ke tsayawa, sai na ga ya gangara tun kafin Malam ya yi sallama. Mai kallo da datar naira ɗari biyu ba zai jira tambari ya gama rawa ba. Ƙari a kan haka, nashidar ta jawo mana da'awar haƙƙin mallaka, don wanda ya rera ta ya yi mata rajista. Yanzu muna fara bidiyo da jimla ɗaya daga bakin Malam, inda ya ambaci mas'alar ranar, sai kati na daƙiƙa 4 mai sunan tasha da lambar darasi, ba sauti, sai karatu. Kati ɗaya ne muka adana, lamba kawai ake canzawa.

Launi kuma ku daina zaɓa da ido. Kore a wayarka ba shi ne kore a wayar abokinka ba. Ku tsayar da biyu, ku riƙe lambarsu, misali `#0B5D3B` a bango da `#F5EBD0` a rubutu. Hoton darasi 1280 a 720, kalma kada ta wuce biyar, kuma kusurwar dama ta ƙasa a bar ta fili, nan ne tsawon bidiyo ke rufewa. Tambari za a yanke shi da'ira ya koma ƙanƙani, saboda haka kada ku cusa masallaci da littafi da alƙalami da wata duk a ciki.

Sani Mai Kwamfuta: Kore kuma? Tashar wa'azi goma, tara kore ne da ruwan zinare. Ku ɗauki jar ƙasa irin ta ganuwar birni, a gane ku daga nesa.

Ummu Hanan: To in an cire nashida, me zai hana a sa ƙira'a a gabatarwar?

Malam Nuhu: 'Yata, ni ban so. Aya ce za a yanke ta a tsakiya don daƙiƙa huɗu sun cika, mai kallo kuma ya riƙa tsallake ta kullum. Wasu malaman ba sa ganin laifi in gajeriyar aya ce cikakkiya. Wannan ma Malaminsu za su kai wa.

Abdulhadi: Na gwada layin Hajiya yanzu. Salo uku da muke amfani da su, biyu sun faɗi a kan Ɓ. Tsofaffin bidiyo 11 ɗin fa, sai mun sauke mun sake ɗorawa?

Jamilu: A'a, kada ku goge, za ku rasa masu kallon da suka tara. Take da hoto ana canza su a kowane lokaci. Doguwar gabatarwar kuma ka shiga YouTube Studio a kwamfuta, akwai `Editor`, ka datse ta a nan, adireshin bidiyon ba zai canza ba. Ka fara da na 9, mai akwatin.