Wa ya taɓa ba mai matsalar numfashi furometazin?

Uwargida: Maigidana mai minshari ne, irin wanda numfashi kan tsaya masa cikin barci sai ya farka a firgice. Jiri da amai na damunsa a mota, sai aka ba shi furometazin, ƙwaya ɗaya mai miligiram 25, ya sha da daddare kafin tafiya. Amai kam bai yi ba. Amma daren nan ban runtsa ba, domin tsayawar numfashin ta fi ta kullum daɗewa, sai na girgiza shi yake jan iska. Akwai wanda ya ga haka?

Mai asma: Ni ma na sha, Hajiya, don ƙaiƙayin jiki. A ganina ai maganin borin jini ne, kamata ya yi ya taimaki ƙirji. Bakina dai ya bushe ƙayau, majina ta yi kauri ta ƙi fita, amma na ɗauka sanyi ne.

Ma'aikaciyar jinya: Malam, ba sanyi ba ne, aikin maganin ne. Yana busar da yawu, yana kuma sa majinar huhu ta yi danƙo, shi ya sa ba ma son mai asma ya sha lokacin da ƙirji ya tashi. Hajiya, naki kuma daga ƙwaƙwalwa yake. Maganin yana shiga can ya kwantar da wurin da ke tayar da amai, kuma ta nan yake kawo barcin. Mutum irin maigidanki, farkawar nan da yake yi a firgice ita ke buɗe masa maƙogwaro. Idan barci ya yi nauyi, farkawar sai ta makara. Nauyin yakan kai awa 12, don haka kada ya yi tuƙi washegari. Na taɓa jinyar wani dattijo mai tsohon ciwon huhu da ya haɗa shi da maganin tari mai kodin. An kawo shi leɓɓansa sun yi shuɗi-shuɗi, numfashi jefi-jefi, ana kiran sunansa ba ya amsawa. Wanda ya ga haka ya garzaya asibiti, kada ya ce bari gari ya waye. Tiramadol da giya da magungunan barci duk haka suke yi idan an haɗa su da furometazin.

Maman 'yan biyu: To ni nawa ba su yi barcin ba ma, zabura suka yi ta yi har asuba. Ko jabu aka ba ni?

Ma'aikaciyar jinya: Wasu yara haka yake musu. Shekarunsu nawa? Ƙasa da shekara 2 ba a ba su sam, an sami jariran da numfashinsu ya tsaya.

Mai asma: Amma ni likita ne ya rubuta mini, kuma ya san ina da asma.

Uwargida: Shi namu ba mu gaya wa kowa zancen minsharin ba, ba a kuma tambaye mu ba. Rabin ƙwaya fa, Anti?

Ma'aikaciyar jinya: Wannan sai wanda ya duba shi. Ki kwatanta masa abin da kika gani daren nan.